Kwano Biyar na Malama Rakiya

Matar yayana ce, kuma ni ce na kusa raba ta da aikinta. Gara in faɗi wannan tun da farko, don duk wanda ya san mu a Ƙofar 'Yandaka ya riga ya sani, kuma in ban faɗa da bakina ba wata za ta faɗa ta ƙara gishiri.

Sunanta Rakiya. Yara da iyayensu suna ce mata Malama Rakiya, ni kuwa Yaya nake ce mata in ina son wani abu a wurinta, in ba na so in ce matarmu. Babanta baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna a zauren gidansu, kuma shi ya nace sai ta yi boko a lokacin da maƙwabta ke ganin ɓata lokaci ne. Ta gama kwalejin horon malamai mata a 1979, shekarar da soja suka miƙa mulki karon farko. A jarrabawar Giredi Tu ta ci komai sai lissafi. Irin wannan malamai ke kira rifad: ka ci sauran darussa, ɗaya ya maƙale, ba ka faɗi ba kuma ba ka da cikakkiyar takarda. A lokacin ana neman malamai ido rufe, don haka aka ɗauke ta aiki a wata firamare cikin gari, aka ce ta riƙa koyarwa kafin ta gyara. A shekarar ta auri yayan nawa, Yaya Sada, direba a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai shiru kamar ba ya gida.

Aji ɗaya aka ba ta, kuma a aji ɗaya ta zauna shekara ashirin. Ban san ko kun taɓa leƙa aji ɗaya a makon farko ba. Yara saba'in ne a kan tabarmi, rabi na kuka, wani ya yi fitsari, wata ta rantse gida za ta. Yaya Rakiya ba ta tsawa. Tana da wata irin murya ƙasa-ƙasa wadda dole yaro ya yi shiru in yana son ya ji abin da ake cewa, kuma kafin wata uku za ka ga yaran nan suna haɗa baƙi da wasali. 'Ya'yana huɗu duk ta hannunta suka bi. Ni da na tsaya a aji shida na kama ɗinki, na san bambancin yaron da ya bi ta ajinta da wanda bai bi ba.

Lissafin kuwa sau uku tana komawa. Ta zauna a 1980, ta zauna a 1984 da goyo, ta zauna a 1991. Kowane karo shiri iri ɗaya take yi. In jarrabawa ta rage wata guda sai ta ɗauko wani ƙaton littafi mai jan bango, ta karanta daga farko, ta bi misalan da ido tana gyaɗa kai, ta ja layi da jan biro har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kansa. Ta shiga ɗakin jarrabawa, ta fito ta ce, "Wallahi Asabe duk na san su. Na gan su. Hannuna ne ya ƙi." Ni kuma in ce hannun nan dai da ke tuƙa tuwon mutum goma ba ya ƙi, sai a kan takarda. Bayan na uku ta ajiye maganar, kowa ma ya manta.

Sai 1999. Soja suka sake komawa bariki, sababbin mutane suka hau kujeru, aka fara maganar tantance malamai. Wata Litinin a watan Satumba hedimasta, Malam Mahmud, ya tara su ya karanta musu takarda: duk mai rifad yana da jarrabawa ɗaya tak, ta watan Yuni mai zuwa. Wanda ya gyara ya zauna, wanda bai gyara ba za a cire shi daga aji. Su shida ne a makarantar. Yaya Rakiya tana da shekara arba'in da 'ya'ya shida, kuma ba ta san wata sana'a ba sai tsayuwa gaban allo.

Da yamma na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, jan littafin nan a gefenta, a rufe. Na ce to, an koma gidan jiya ke nan, a sayo sabon jan biro.

Ta ce, "Ba ni buɗe shi."

"Halan addu'a za ki yi mashi daga waje?"

Ta ɗago ta dube ni. "Asabe, mi nike yi ma ɗiyanki a aji? In na koya masu baƙi yau, gobe nuna masu nike, ko tambayarsu nike?"

Na ce tambaya mana, har sukan dawo gida suna ƙorafi.

"To. In goge allo in ce wa ya tuna. Wanda ya yi ta ƙoƙari har ya tuno, shi ba ya mance shi. Jibi in sake tambaya, sati mai zuwa in sake. Shekara ashirin ina yi ma ɗiyan mutane haka, ni kau ban taɓa tambayar kaina komi ba. Kallon littafi nike, in ga abu in ce na san shi. Ashe gane fuskarshi nike, ban san shi ba."

Na yi dariya na ce wannan falsafa ta fi ƙarfin tela. Amma maganar ta zauna mini.

Abu na farko da ta yi ya ba ni haushi, don wata guda cur ba ta yi karatu ba, yawo ta yi. Tana neman tsofaffin takardun tambayoyi na shekarun baya. Ta samu uku a wurin mai sayar da littattafai a Babbar Kasuwa, biyu a wurin wani malami da ya gyara nasa tuntuni, nata na 1991 yana ƙasan akwati. Sauran ta hau acaɓa har Jiyare, unguwar manyan ma'aikata, gidan wata Hajiya Fadila wadda marigayi mijinta jami'in ilimi ne, suka zazzage kwalaye a sito. Ta dawo da ƙura har gira da takardun shekara tara.

Biyu mafi sabunta ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sa kowace a ambulan ɗinta ta liƙe, ta ba Yaya Sada ta ce ya ɓoye inda ba za ta gani ba. Ya kai su cikin motar ofis. Bakwai ɗin ta baje a tabarma, ta ɗauko littafin rubutu, ta ja layuka. Kowace tambaya ta duba ta ga a kan me take, ta yi ɗan karan tsaye a gaban sunan abin. Da ta gama sai ga shi ƙuru-ƙuru: lissafin ɓangare, wato rabi da kwata da 'yan'uwansu, ya fito duk shekara bakwai. Kashi cikin ɗari, duk shekara. Rabo tsakanin mutane, sau shida. Auna fili da da'ira, sau shida. Wasu babuka kuwa na farkon jan littafin, waɗanda a da take cinye sati biyu a kansu saboda su ne a gaba, sau ɗaya suka leƙo a shekara bakwai. Ta nuna mini shafin tana girgiza kai. Ta ce sau uku tana ƙarar da ƙarfinta a inda ba a tambaya, lokaci ya ƙare kafin ta kai inda ake tambaya.

Daga nan ta tsara watanninta. Abin da ya fi fitowa kuma ya fi ba ta wuya, shi ne a gaba. Jan littafin ya koma wurin neman bayani kawai, in ta gwada abu ta kasa.

Sai maganar kwanoni. Tana da wani saitin samira guda biyar na kayan aurenta, farare masu jan fure, kowane da murfinsa, daga ƙarami har babba, suna jere a saman kabad ba a taɓa su sai da biki. Ta sauko da su. Ta tara kwalayen alli daga makaranta da kwalayen sukari daga mai shago, ta yayyanka kamar tafin hannu. Kowane kati tambaya ɗaya a gaba, a kusurwa shekara da lambar tambayar, a baya kuma amsa da hanyar da ake bi.

Dokar mai sauƙi ce, ni ma na haddace ta don yawan gani. Sabon kati yana shiga ƙaramin kwano. Ta ɗauko, ta karanta tambayar, ta yi aikin a kan allon yara da alli, ba leƙen baya. Sai ta gama ta juya. In ta ci, katin ya haura kwano na gaba. In ta faɗi, ko daga wane kwano yake, ya dawo ƙarami, ta duba inda ta kauce, ta sake yi. Ƙaramin kwano kullum ake buɗe shi. Na biyu Litinin da Alhamis. Na uku ranar Asabar. Na huɗu Asabar ɗaya a tsallake ɗaya. Babban kuwa sai an ga wata. Na tambaye ta dalilin wannan wahala, me zai hana ta bi su duka kullum ta huta. Ta ce abin da ka tuna jiya ba abin mamaki ba ne ka tuna shi yau, sai ka bar shi ya fara sanyi ka ga ko zai zo in ka kira shi. Kuma wa ke da lokacin kati ɗari uku kullum?

Lokacinta biyu ne: bayan sallar asuba kafin a hura wuta, da bayan la'asar. Minti arba'in, minti arba'in. In kati ya kai kwano na uku takan canza lambobin cikinsa, don ta lura ta fara haddace amsa a maimakon hanya. Akwai wani da ya ce a raba mangwaro sittin tsakanin mutum biyu, kashi biyu da kashi uku. Ta ce da ta ga kalmar mangwaro sai ashirin da huɗu da talatin da shida su faɗo mata, ko tunani ba ta yi ba. Ta mai da shi tamanin, ta ga sai da ta yi gumi kafin ta samo talatin da biyu da arba'in da takwas.

Kada ku ɗauka abin daɗi ne. Makonnin farko ƙaramin kwano cika yake yi har murfi ya ƙi rufuwa, sauran huɗun fayau. Na sha shigowa in same ta ta zuba wa allo ido, alli a hannu, fuska a murtuke. In ce juya katin mana ki gani, wa zai kama ki? Ta ce ita za ta kama kanta a watan Yuni. Da azumi ta rage, ta daina ƙara sababbi, tana bin tsofaffin kawai. Abokan aikinta biyar ɗin suna haɗuwa ranar Lahadi suna karatu tare, wani na yi a allo saura na kallo suna cewa haka ne, haka ne. Sau ɗaya ta je. Suna ce mata mai kwanoni, ni ma ina taya su.

Farkon Afrilu ta karɓi ambulan na farko. Safiyar Asabar aka kora yara gidana, Yaya Sada ya zauna a bakin ƙofar ɗaki da agogon tebur a cinya, fuska ba wasa, sai ka ce shi gwamnati ta aiko. Awa biyu da rabi ya ba ta ta amsa takardar, kamar a ɗakin jarrabawa. Ta samu arba'in da shida cikin ɗari, kuma tambaya uku na ƙarshe ko karanta su ba ta yi ba, don ta tsaya kokawa da guda ɗaya minti ashirin da biyar. Ba ta yi kuka ba. Ta rubuta a bangon littafinta cewa duk tambayar da ta wuce minti biyar ba ta motsa ba, a tsallake a dawo. Duk abin da ta faɗi ta mai da shi kati.

Yanzu ga nawa aikin. Tsakiyar watan Mayu, saura sati biyar jarrabawa, 'yata Maimuna ta sauke Alƙur'ani, muka shirya walima. Kowa ya san yadda ake yi: kwanon gida ɗaya ba ya isar biki, sai a bi dangi da maƙwabta a aro, a rubuta suna da jan farce a gindi. Ni da gidan yayana kuwa babu maganar aro. Shekara ashirin ina shiga in ɗauki turmi, in ɗauki tukunya, in ta dawo ta ga babu ta san inda suke. Ranar Alhamis da hantsi mata sun cika mini gida, waina ta fara sauka, ga gidajen surukai da za a kai wa, kuma ba a kai wa surukai abinci a roba. Sai na tuna samirun nan masu jan fure.

Na san abin da ke ciki. Ba zan ce ban sani ba. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne wane kati ke cikin wane kwano. A idona takardu ne, in an gama a mayar. Tana makaranta. Na shiga, na samu wata baƙar leda, na juye kwano biyar ɗin a ciki ɗaya bayan ɗaya, har ina yaba wa kaina da na ɗaure bakin ledar. Kuma don kada yara su taɓa, na tafi da ita gidana na rataye a ƙusa kusa da madafa.

Da azahar ta shigo gidan biki da mayafin makaranta. Ta gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar masu jiki, sannan ta ja ni gefe.

"Asabe, ina takarduna?"

Na nuna ƙusa. Ledar tana nan, amma a buɗe. Wata ta ga kwali mai kauri ta ɗiba tana fifita wuta, wata ta kwashe toka da shi, wasu sun faɗa inda ake wanke-wanke sun jiƙe, tawada ta bi ruwa. Yaya Rakiya ta sauke ledar, ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo. Ta durƙusa ta tsince na ƙasa, har waɗanda suka zama dagwalo. Na fara cewa ai ga su nan, ba sai a mayar ba. Ta ce, a hankali yadda ba wanda ya ji sai ni, "A mayar ina? Wata bakwai nike tambayar kowane ɗaya kafin shi samu wurinshi." Ta zauna aka yi addu'a da ita, ta sa wa Maimuna albarka, ta tafi da ledarta ba ta ci komai ba.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Wanda bai san ta ba ba zai gane girman wannan ba. Matar da na taɓa ƙona wa sabon zane da dutsen guga ta yi dariya. Yaya Sada ya zo har shagona, ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Ba ki kyauta ba," ya juya. A rayuwata bai taɓa yi mini faɗan da ya kai wannan tsawo ba. Na wanke samirun da kaina, na goge, na kai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don na san in ta faɗi, ni ce.

Rana ta huɗu na je da niyyar in durƙusa. Na same ta bayan la'asar, kwanoni a jere, leda a gefe, allo a cinya. Ba ta bar ni na fara ba. Ta miƙo mini ledar ta ce, "Zauna. Ki sa hannu ki zaro duk wanda ya zo, kar ki zaɓa. Ni in yi, ke ki duba baya."

Ashe ta riga ta yanke shawara. Ba za ta mai da su duka ƙaramin kwano ba, don sati biyar ba zai isa ba. Ba za ta kuma raba su da ka ba, ta ce wannan na san shi, wancan ban sani ba, don irin wannan sanin ne ya kayar da ita sau uku. Kowane kati za a tambaye ta shi sau ɗaya. Wanda ta yi tiryan-tiryan ya tafi kwano na uku. Wanda ta ci da ƙyar, na biyu. Wanda ta faɗi, ƙarami. Babban kwano ta mayar saman kabad, ta ce wata guda ya yi nisa yanzu. Waɗanda suka ɓace kuwa littafinta ya tona su: ta bi shekara da lamba, ta ga ashirin da uku babu, ta sake yanka kwali ta rubuta.

Kwana shida muka yi, na rufe shago da yamma. A rana ta biyu na zaro wani kati mai da'ira, daga tsakiya zuwa baki taku bakwai, ana neman faɗin filin da ke ciki. Ta yi shar-shar ta ce arba'in da huɗu. Na juya na ga ɗari da hamsin da huɗu. Na riƙa jujjuya katin a hannuna.

"Faɗi mana," in ji ta.

Na faɗa. Ta karɓi katin ta duba. Arba'in da huɗu tsawon kewayen da'irar ne, ba faɗin cikinta ba. Ta ce wannan katin a babban kwano yake, ta rantse, sau biyar tana cin sa. Kafin magariba irin haka ta faru sau bakwai. Ta ajiye alli ta yi tagumi, ni kuma na ce shi ke nan na rikita mata kai.

Can ta ce, "Ba ke ba ce. Na gano." Tun da babi-babi ta rubuta katunan, babi-babi suka riƙa tafiya cikin kwanonin. Na faɗin fili suna tare, na kewaye suna tare. In ta ci na farko, sauran tara hanya ɗaya ce, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta wace hanya wannan ke so ba. Ledata ta cakuɗa su, kamar yadda takardar jarrabawa ke cakuɗa su. A kwana shidan nan kati arba'in da ɗaya da take ganin ta gama da su suka dawo ƙaramin kwano. Daga ranar, kafin ta buɗe kowane kwano sai ta girgiza shi.

Na ce to ashe taimako na yi. Ta ce in kuskura in sake irin wannan taimakon, sai ta aske mini kai. Ranar ce ta fara yi mini dariya tun bayan walimar.

Saura sati biyu aka buɗe ambulan na biyu, Yaya Sada da agogonsa. Hamsin da tara, kuma ta kai ƙarshen takarda. Ranar jajibirin jarrabawa ba ta ƙara komai ba, ta bi ƙaramin kwano da safe ta rufe. Da ta fito daga jarrabawa na tare ta a zaure na ce yaya. Ta ce, "Biyu ban iya ba, na bar su. Sauran na yi." Ban taɓa jin ta fito ta san abin da ba ta iya ba sai ranar.

Sakamako bai fito da wuri ba. Aka koma makaranta a Satumba, umarni ya zo cewa masu rifad su dakata da shiga aji har a ga takardunsu. Aka kawo wata yarinya sabuwar gama kwaleji, Malama Furera, aka ba ta aji ɗaya. Yaya Rakiya aka ajiye ta a ɗakin ajiyar littattafai, wanda tagarsa ke kallon ajin. Wasu daga cikin shidan suka daina zuwa. Ita kullum bakwai da rabi tana can, tana kaɗe ƙurar littattafai, tana jin kukan sababbin yara ta taga. Ta gaya mini abin da ya fi ci mata rai: akwai wani yaro da ke kuka tun safe har tashi, ta san abin da za ta yi masa cikin minti biyu, kuma ba ta da ikon tsallaka filin. Wata biyu da rabi haka. Ni kuwa duk ranar da na gan ta ta dawo tana jan ƙafa, sai in tuna da baƙar ledar nan.

Wata Talata a ƙarshen Nuwamba aka ce sakamako ya iso ofishin ilimi. Ta biyo ta shagona ta ce in raka ta. An liƙa takardun a bango, mutane sun yi cincirindo. Ta tsaya baya ta ce in je in dubo mata, ta faɗa mini lambarta. Na kutsa, na bi layi da yatsa, na karanta sau uku don kada in yi wani sabon aikin. Ta ci. Cikin su shida, su biyu suka ci.

Na fito ina guɗa a gaban ma'aikata, ko a jikina. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙarfe nawa?" Sha ɗaya saura. Ta shiga ta karɓi 'yar takardar shaida, ta tare mana acaɓa biyu, ba gida ba, makaranta.

Malam Mahmud ya karanta takardar a tsaye, ya ce alhamdu lillahi, ya ce ta je gida ta huta, gobe sai a yi magana. Ta ce in ya yarda, yau. Ya dube ta, ya tashi da kansa ya yi gaba, muna biye. Malama Furera tana tsakiyar aji, muryarta ta dishe, yara na ta hayaniya. Da ta ga hedimasta da wadda ke bayansa ta gane. Yarinyar kirki ce. Ta zo ta rusuna, ta miƙa allin da hannu biyu.

Ni ina waje, a taga. Yaya Rakiya ta shiga ta tsaya gaban allo, wurin da ta tsaya shekara ashirin da ɗaya. Yara saba'in suka zuba mata ido, babu ko ɗaya da ya san ta. Wata 'yar ƙarama a gaba, mai kitson da ya tsufa, ta ɗaga murya ta ce, "Wace ce wannan?"

Ta dubi yarinyar.

"Malamarku ce," in ji ta, da muryar nan ƙasa-ƙasa.

Ajin ya yi tsit don su ji. Ni na juya baya na rufe fuska da mayafi, ina kuka kamar 'yar aji ɗaya. Ta bayana na ji ta tana tambayarsu sunayensu, ɗaya bayan ɗaya.